Alh. Prof. Dr. Engr. duk a gaban suna ɗaya: yaya ake rubuta laƙabi a wasiƙar gayyata?

Auwalu Gangare: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka san aikin ofis. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai za ta yi gidauniyar gyaran ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu a nan Jos, kuma ni aka ɗora wa rubuta wasiƙun gayyata. Da Turanci za a rubuta, ranar Litinin ake so a kai. Mutum huɗu ne suka tsaya mini. Na sauya sunayensu, amma laƙaban haka kwamiti ya ba ni:

```
Alh. Prof. Dr. Engr. Musa Garba PhD
Barr. Hadiza Lawal Esq.
Prof. Dr. (Mrs) Amina Yusuf
Alh. Dr. Sani Idris
```

Na farkon farfesa ne a fannin injiniyan gine-gine, shi ne babban baƙo mai jawabi. Ta biyu lauya ce. Ta uku malamar jami'a ce. Na huɗu ɗan kasuwa ne, shi ne babban mai ƙaddamarwa. Ni dai idona bai kwanta da na farkon ba, amma shugabanmu ya ce kada na kuskura na rage ko ɗaya.

Sabo Mai Kwamfuta, Taminus: Wa alaikumus salam. Auwalu, shugabanku ya fi ka sanin mutane. Kullum irin waɗannan wasiƙun nake bugawa, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo da takarda don laƙabinsa ya yi yawa ba. Wanda aka rage masa shi ke dawowa da ita. Ka bar su yadda suke. Abin da kawai za ka kula da shi, kowace gajeriyar kalma ka sa mata aya a ƙarshe, kar ka manta ko ɗaya.

Jamilu Rikkos: Ni a ganina likitan asibiti ne kaɗai ya cancanci Dr. Shekara shida yana karatu, ga rayukan mutane a hannunsa. Sauran duk aro suke yi.

Maryam Naraguta: Malam Jamilu, ba likita ko ɗaya a cikin mutanen nan huɗu. Kuma mai digirin digirgir ba aro yake yi ba, shi da likita duka Dr ake rubuta musu. Ba tambayar da aka yi ke nan ba.

Hajiya Ladi Bukuru: Auwalu ɗana, idonka ya gaya maka gaskiya. Na yi aiki a ofishin magatakardan jami'a har na yi ritaya, kuma irin wannan jerin da jan biro yake dawo mana.

Mu ɗauki na farkon a hankali. Dr da PhD abu ɗaya suke faɗa. Idan ka sa Dr a gaba ka kuma sa PhD a baya, ka faɗi magana sau biyu, don haka ɗaya za ka zaɓa. To amma shi wannan bawan Allah farfesa ne, kuma a tsarin da muka gada a jami'o'inmu, idan mutum ya kai farfesa sai Prof ya maye gurbin Dr. Jera Prof. Dr. al'adar Jamus ce da wasu ƙasashe, can daidai ne, nan kuwa ba haka ake rubutawa a takardun jami'a ba. Ka ga Dr da PhD sun tafi ke nan, ba tare da ka rage masa komai ba.

Alhaji kuma, ka duba dalilin gayyatar. Don iliminsa kuka kira shi ya yi jawabi kan ɗakin gwaje-gwaje. Da walimar saukar Alƙur'ani ce ta unguwa, Alhaji Musa Garba ya wadatar. A wannan wasiƙar Farfesa ne ya dace. Saura Engr, shi ne ke da 'yar magana, zan dawo kansa.

Abin da ya fi waɗannan duka kuwa, laƙabi wuri uku yake fitowa a wasiƙa, kuma kowanne da nasa tsarin. Akwai adireshi a sama, akwai gaisuwa, akwai wajen sa hannu. A adireshi ne ake sa cikakken suna da haruffan da ke bin bayansa. A gaisuwa laƙabi ɗaya tak da sunan ƙarshe, kuma Professor a cike ake rubuta shi a nan:

```
Dear Professor Garba,
```

Ba a rubuta Dear Prof. shi kaɗai, wannan kiran baranda ne tsakanin abokan aiki. Ba a kuma kwaso cikakken suna da haruffan bayansa irin su FNSE, wato alamar babban mamba a ƙungiyar injiniyoyin Najeriya, NSE, a zuba a gaisuwa. Idan ka buɗe da suna haka, ka rufe da Yours sincerely. Idan Dear Sir ka sa, ka rufe da Yours faithfully. Sakatare mai ido daga nan yake gane wanda ya rubuta ya san aiki ko bai sani ba.

Sabo Mai Kwamfuta, Taminus: Hajiya, ranki ya daɗe, na yarda da maganar Dr da PhD. Amma maganar aya ai ba ki ce komai ba, ina nan a kan bakana.

Hajiya Ladi Bukuru: Malam Sabo, rabin maganarka daidai ne. Amurkawa kowacce suna sa mata aya. Turawan Ingila kuwa suna duba ƙarshen kalmar. Idan gajeriyar ta ƙare da harafin ƙarshe na cikakkiyar kalmar, ba sa sa aya: Dr, Mr, Mrs, haka ma Engr. Idan kuwa yanke kalmar aka yi a tsakiya, kamar Prof., sai a sa. A ofisoshinmu na Najeriya za ka ga duka biyun, mafi yawa ma masu aya ne. Ba wanda zai kama ka da laifi a kan ko wanne. Laifin shi ne ka rubuta Dr. da aya a adireshi, ka sauko tsakiyar wasiƙa ka rubuta Dr ba aya, a bayan ambulan kuma ka rubuta DR da manyan baƙaƙe. Ka zaɓi ɗaya ka bi shi har ƙarshe.

Nura Unguwar Rogo: Tunda an zo kan Engr, bari na kawo tawa. Na gama digirin injiniya, na yi hidimar ƙasa, yanzu ina duba aikin gini a Rayfield. Tun daga leburori har mai gidan kowa Injiniya yake ce mini. Kwanan nan na rubuta takardar neman wani aiki na sa Engr. a gaban sunana, sai wani dattijo a ofishin ya tambaye ni lambar rajistata. Na ce ban yi ba tukuna. Ya miƙo mini takardar ya ce na je na sake bugawa. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, don ba sayen digirin na yi ba.

Injiniya Bashir Dogon Dutse: Nura ƙanena, na san da zafi, amma dattijon nan taimakonka ya yi. Engr ba digiri ne ke ba da shi ba. Hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970 don kula da aikin injiniya a ƙasar nan, ita ke da rajista, kuma dokarta ta keɓe Engr ga wanda sunansa ya shiga rajistar a matsayin injiniya. Sai ka yi shekarun aiki da ake buƙata bayan digiri, ka nuna ayyukan da ka yi, a tantance ka, sannan a ba ka lamba da hatimi. Masu babbar difloma ma suna da nasu rukunin a rajistar, da nasu laƙabin daban. Dalilin tsananin kuwa a fili yake: wanda ya sa Engr ya sa hannu a zanen bene yana cewa ne idan ya rushe a neme shi. Kafin ka yi rajista, rubuta sunanka ka bi shi da B.Eng., ba wanda zai ce maka uffan. Leburori su ci gaba da kiranka Injiniya, baki daban takarda daban.

Sai dai Hajiya, a kan farfesan Auwalu ina da ja. A tarukanmu na NSE, Engr. Prof. muke rubutawa, kuma manyanmu da yawa haka yake a katinsu. Kujerar farfesa jami'a ce ta ba shi, Engr kuwa hukumar sana'a ce. Ba maimaici ba ne kamar Dr da PhD.

Hajiya Ladi Bukuru: Ban musa ba, Injiniya. Shi ya sa na ce yana da magana. Ni a ofishinmu Prof. kaɗai muke sawa a gaba, sai mu bar FNSE ta faɗi sauran a bayan suna, don duk wanda ya ga waɗannan haruffa ya san babban injiniya ne. Ku kuma a gidanku kuna haɗawa. To Auwalu, ga yadda ake raba wannan gardama: ka nemo wata takarda da shi farfesan ya sa wa hannu, ko katinsa, ko ka kira sakatarensa. Yadda ya rubuta kansa, haka za ka rubuta shi. Kiran minti biyu ne.

Injiniya Bashir Dogon Dutse: Wannan na yarda. Amma idan ba a samu ba, ni dai Engr. Prof. zan sa.

Sadiya A., lauya: Bari na shigo kan ta biyun, don ta shafi aikina. Auwalu, cire Barr. ɗin nan gaba ɗaya. Na san zai ba mutane mamaki, don ko a gidanmu Barista ake ce mini, kuma ina amsawa. Amma a rubuce ba laƙabi ba ne. Duk lauyan da aka rantsar a Najeriya, an rantsar da shi ne a matsayin Barrister and Solicitor na Kotun Ƙoli, wato sunan aikin ne, kuma rabinsa ma kawai ake ɗaukowa a manna a gaban suna. Kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, ya faɗa a wani hukunci da aka buga a 2017 cewa sa Barrister a gaban sunan lauya bai dace da ƙa'idar sana'ar ba. Har yau da yawa daga cikinmu suna yi, har a allon ofis, amma idan wasiƙarka ta faɗa hannun mai kula, zai gani.

Abin da ake yi shi ne a sa Esq. a bayan suna, da waƙafi kafinsa, kuma a nan ƙasar mata lauyoyi ma suna amfani da shi. Sharaɗinsa ɗaya: ba ya zama tare da laƙabin gaba. Ko dai Mrs Hadiza Lawal, ko Hadiza Lawal, Esq. Abin da kwamitinku ya ba ka ya haɗa kuskure biyu a layi ɗaya.

Idan kuma babbar lauya ce mai SAN, to shi dole ne ya fito, a bayan suna. Tun 1975 ake ba da wannan matsayi, kuma mantawa da shi a wasiƙa ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu.

Auwalu Gangare: Anti Sadiya na gode. Ba ta da SAN. To a gaisuwa fa? Dear Esq. Lawal?

Sadiya A., lauya: A'a, Esq. ba ya shiga gaisuwa ko kaɗan. Dear Madam ya ishe ka, sai ka rufe da Yours faithfully kamar yadda Hajiya ta ce.

Maryam Naraguta: To idan da Hausa ake rubuta wasiƙar fa? Mu a makarantar Islamiyyarmu da Hausa muke gayyata. Idan na rubuta Hadiza Lawal, Esq. a wasiƙar Hausa, wallahi wanda zai karanta a lasifika sai ya tsaya.

Sadiya A., lauya: Gaskiya ne. Hukuncin a kan takardun aiki na lauya yake magana. Ni a wasiƙar Hausa da za a rubuta mini Malama ko Hajiya, a ƙasa a sa lauya, ya fi mini. Amma na san abokan aikina da za su ce Barista ya riga ya zama Hausa, a bar shi.

Hajiya Ladi Bukuru: A wasiƙar Hausa dai abin da na sani shi ne a rubuta su a cike: Farfesa, Dakta, Injiniya. Kada a sa Prof. a tsakiyar jimlar Hausa. Maganar Barista kuwa na bar wa lauyoyi.

Auwalu, ta ukun nake son tambaya. Ka tabbata farfesa ce? Wanda ya ba ka Prof. Dr. (Mrs) kamar bai tabbata ba ne, shi ya sa ya haɗa duka.

Auwalu Gangare: Mama, yanzu na tambayi wanda ya kawo sunanta. Ya ce Reader ce, wai saura ƙiris, kuma ɗalibai duk Prof suke ce mata.

Hajiya Ladi Bukuru: To Dr za ka rubuta. Reader shi ne matakin da ke ƙasa da farfesa, wasu jami'o'in suna kiransa Associate Professor. Kafin mutum ya haye, sai an aika ayyukansa ga masu tantancewa na waje, su dawo da rahoto, majalisar gudanarwa ta amince. Wani lokaci abin yana ɗaukar shekaru. Ka yi tunanin wasiƙarka ta bi ta ofishin sashe, shugaban sashen ya ga an rubuta mata Prof alhali takardunta suna gaban kwamiti. Ba kai za a kalla ba, ita za a kalla, a ce ita ta ce a rubuta haka. Kana nufin girmamawa ka jawo mata magana. Ka sa Dr a gaban suna, matsayinta kuma a layin ƙasa tare da sashenta.

Shi kuwa (Mrs) ɗin, al'adarmu ce ta nan. Ba a rubuta wa namiji Dr (Mr), don haka mata da yawa ba sa so. Wasu kuma su da kansu suke sawa. Nan ma katinta za ka bi.

Maryam Naraguta: Hajiya akwai wani abu da ke damuna a nan. Sunan ƙarshe a wajenmu yawanci sunan uba ne. Idan na rubuta Dear Dr Yusuf ga mace, ji nake kamar da babanta nake magana.

Hajiya Ladi Bukuru: Haka ne 'yata, tsarin ba don sunayenmu aka yi shi ba. Inda sunan ƙarshe na gari ne abin yana tafiya sumul, kamar Farfesa Attahiru Jega, kowa Professor Jega yake rubutawa. Inda sunan uba ne, a Turance dai Dear Dr Yusuf daidai ne, kuma ita ta saba gani a wasiƙun jami'a. Idan bai kwanta miki ba, Dear Madam na nan. Abin da ba na so shi ne Dear Dr Amina a wasiƙar hukuma ga wadda ba ki saba da ita ba.

Sabo Mai Kwamfuta, Taminus: Duk na ji. Amma ku zo kan na huɗun, a nan ne zan ga ƙarshen ƙa'idarku. Na san irin waɗannan Dr ɗin, na girmamawa ne. Ku cire masa ku gani ko zai zo da kuɗin.

Auwalu Gangare: Gaskiya Malam Sabo ya taɓo inda ke mini ciwo. Digirin girmamawa ne wata jami'a ta ba shi. Tun daga ranar, har a jikin kalandar shagonsa Dr ne. Kuma rabin abin da muke sa ran tarawa daga hannunsa ne.

Dakta Ilyasu Farin Gada: Ni wannan abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Mutum ya yi shekaru yana bincike, ya kare kundinsa a gaban masu jarrabawa, sannan a rubuta shi daidai da wanda aka yafa wa riga rana ɗaya. Ba raina Alhaji nake yi ba, wataƙila ya yi wa jama'a abin da ni ban yi ba. Amma shugabannin jami'o'in ƙasar nan da kansu sun ga abin ya yi yawa, shi ya sa suka zauna a Keffi a 2012 suka fitar da ƙa'idojin ba da digirin girmamawa. Yadda ya dace a rubuta shi ne a bayan suna, a nuna na girmamawa ne:

```
Alhaji Sani Idris, D.Sc. (Honoris Causa)
```

Sai ka duba takardar da aka ba shi, don wani D.Sc. ne, wani D.Litt., wani LL.D. Kada ka yi kirdado.

Sabo Mai Kwamfuta, Taminus: Dakta, Alhaji zai duba gaban sunansa ne, ba bayansa ba. Idan bai ga Dr ba, an gama.

Hajiya Ladi Bukuru: Ni ina tare da Dakta Ilyasu a kan abin da ke daidai, amma ban ce Malam Sabo bai san mutane ba. Abin da zan ƙara shi ne, layin da Dakta ya rubuta bai rage wa Alhaji komai ba, ya ma fi tsawo, kuma ya ambaci digirin da sunansa. Sannan ku tuna wasiƙar nan ba ita kaɗai za ta tsaya ba. Daga ita za a kwafi sunaye zuwa takardar shirin taro, kuma farfesa da Dakta Amina za su zauna a teburi ɗaya da shi suna karantawa. A cikin wasiƙar kuna iya sa jimla guda ta taya shi murnar karramawar da jami'ar ta yi masa. Sau da yawa wannan ya fi haruffa biyu faranta rai.

Injiniya Bashir Dogon Dutse: Wani ɗan ƙari tunda a Jos muke: idan cikin baƙinku akwai wanda ya yi kwas a cibiyar nazarin manufofi da tsare-tsare ta ƙasa da ke Kuru, laƙabinsu na mni da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi a bayan suna. Masu buga takarda suna yawan mayar da shi manya. Lambar girma ta ƙasa kuwa, irin su OON da MFR, manya ne.

Auwalu Gangare: Allah Ya saka da alheri. Na kira ofishin farfesa, sakatarensa ya karanto mini yadda yake a takardunsa. Ga abin da na tsayar:

```
Engr. Prof. Musa Garba, FNSE
Hadiza Lawal, Esq.
Dr. Amina Yusuf
```

Na bi tsarin aya a ko'ina. Na Alhaji kuwa na tura wa shugaba layin Dakta Ilyasu, ya ce shi ba zai iya kai wannan da hannunsa ba, sai kwamiti ya zauna gobe bayan la'asar. Wata tambaya ta ƙarshe: ni a ƙasa yaya zan sa? Shugaba ya ce na rubuta Comrade a gaban sunana.

Hajiya Ladi Bukuru: Ka sa hannu, a ƙasa ka buga sunanka, a ƙasansa Secretary, shi ke nan. Muƙamin ne ya ba ka ikon rubuta wasiƙar, shi mai karɓa yake son gani. Kuma kafin ka manne ambulan, ka ajiye shi kusa da wasiƙar ka karanta sunan harafi bayan harafi, don sau da yawa wani ne daban yake rubuta bayan ambulan da biro daga tsohon jerin kwamiti. Idan kuna son a ba da ɗakin taro ko a saki malama ta zo a lokacin aiki, wannan wata wasiƙar ce daban, kuma ita ga ofis ake rubuta ta, The Head of Department, ba da sunan kowa ba.

Dakta Ilyasu Farin Gada: Auwalu, idan kwamitin zai yarda, a ba ni lokaci goben na zo na yi musu bayani da bakina. Ƙarfe nawa ne, kuma a ina?